Yadda shugaban ƙungiyar unguwa zai tsara jawabin buɗe neman gudunmawa don likita

Wannan bayani na shugabannin ƙungiyoyin ci gaban unguwa ne, irin waɗanda muke da su birjik a nan Damagaram, daga Birni zuwa Zango, Sabon Gari, Garin Malam har Kara Kara. An zauna an yanke shawara za a tara kuɗi a taimaki CSI, wato likitar unguwa, an ce perzidan kai ne za ka miƙe ka sanar da jama'a, to me za ka ce, kuma ta ina za ka fara? Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne mutanen da za su zauna gabanka tambaya huɗu ce a ransu ko sun faɗa ko ba su faɗa ba: me za a yi, nawa ne, wa zai riƙe kuɗin, yaushe za mu gani da idonmu. In jawabinka ya amsa waɗannan za a sa hannu a aljihu, in bai amsa ba za a ce maka Allah ya taimaka a watse.

Mataki na farko, kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka tahi likitar ka zauna da majo, wato shugaban likitar. Ba a tsaye ba, ba a waya ba, ka nemi lokacin da ba shi da layi ka ce masa kuna da niyyar taimako, me ya fi damunsu. Ka nemi ganin ungozomar da ke kwana a matarnite, ka nemi 'yan COGES, wato komiten jama'a da ke sa ido kan tafiyar likitar da kes ɗinta, don su ma 'yan unguwa ne kuma in suka ji labari a bakin titi za su ga kamar an tsallake su. Za a lissafa maka abubuwa da yawa, katanga, gadaje, rumfar jira, magani, ƙarin ma'aikata. Kai aikinka ka zaɓi ɗaya, ko biyu in suna tafiya tare. Kuma ka san iyakarku: albashin ma'aikata da sayen magani ba naku ba ne, na gwamnati ne da tsarin likitar, abu ne da ba ya ƙarewa, in kuka ɗauka wata uku za ku gaji. Ku ɗauki abin da ake saye sau ɗaya a kafa, kowa ya wuce ya gan shi. Daga nan ka roƙi majo ya sanar da na sama da shi a distirik, kai kuma ka kai gaisuwa wajen mai unguwa da liman, sannan ku sanar da meri a rubuce cewa za ku yi taro da karɓar gudunmawa, ku ji in akwai takardar da suke buƙata.

Bari in ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe, alkaluman na misali ne, naku za su fito daga kasuwa. A ce matsalar ɗakin haihuwa ce: in wuta ta ɗauke da dare da tocila ko hasken waya ake karɓar haihuwa, ruwa kuma kowa ya san halin Damagaram, pampo na iya kwana da yini shiru, sai dangin mai naƙuda su nemo bido. Sai kuka yanke za ku sa pano da batiri, ku kafa tankin ajiye ruwa.

Mataki na biyu, kuɗin ya zama lamba ɗaya tsayayya. Ku karɓo debi a rubuce daga wajen masu aikin mutum biyu ko uku, kada ya zama na ƙanin wani ɗan komite shi kaɗai. A ce ya kama haka: pano huɗu, batiri biyu da sauran kayan haɗi da kuɗin mai aiki 950,000, tankin lita 2,000 da ƙarfen ɗora shi da bututu 450,000, sai ajiyar gyara 100,000. Jimla miliyan 1 da rabi. Wannan ajiyar gyaran kar ku yar da ita don lambar ta yi ƙasa, batiri ba ya daɗewa cikin zafinmu, kuma yawancin pano da ake gani a mace a wurare ba panon ne ya lalace ba, batirin ne ya gaji ba a tanadi kuɗin canji ba.

Sai ka raba lambar. A nan shugabanni da yawa ke yin lissafin da ke kayar da su, su ce gida 600 ne a unguwa, kowane gida ya kawo 2,500 an gama. Ba za a gama ba. Akwai gidan da ba shi da na tuwon dare, akwai ɗan haya da zai ce shi baƙo ne, akwai wanda zai ce gobe har a rufe. Ka yi lissafi da gida 400 kawai, kowane gida 1,500, ya ba da 600,000. 'Yan kasuwa da masu hali 500,000. 'Yan unguwa da ke Yamai, Agadas, Kano, Libiya da Aljeriya 250,000. Ƙungiyoyin mata da fadodin matasa 150,000. Ka tara ka gani, miliyan 1 da rabi cif. In gida sama da 400 suka bayar, rarar ta shiga ajiyar gyara, kuma wannan ma ka faɗe shi a jawabi tun ba a tambaya ba.

Mataki na uku shi ne wanda ba a gani ranar taro amma shi ke riƙe da taron. Kason masu hali ka bi su gida-gida kafin ranar, kai da dattijo ɗaya da ake jin kunyarsa, ka nuna masu debi. Ka nemi aƙalla rabin kasonsu ya shigo hannu kafin ka hau kan makirfo. Kowane ɗaya ka tambaye shi, Alhaji a faɗi suna ko a ce wani bawan Allah? Wani yana so a faɗa don 'yan uwansa su yi koyi, wani in ka faɗa ka ɓata da shi har abada. Kuma kar ka taɓa kiran sunan mai kuɗi a bainar jama'a ka ce ya miƙe ya faɗi nasa ba ku yi magana ba, zai faɗi lamba don kunya, ba zai biya ba, kuma ya riƙe ka a rai.

A cikin wannan matakin ne za ku tsayar da masu riƙe kuɗi. Shugaba ba ya riƙe kuɗi, wannan ba ya cikin abin da ake tattaunawa. Ma'aji ɗaya, mai rubutu ɗaya, masu bincike biyu waɗanda ba 'yan biro ba, a ciki lalle a samu mace. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. A sayo kundin resi mai lamba da hatimin ƙungiya, a tanadi lambar waya ɗaya tak ta karɓar saƙon kuɗi daga na nesa, ko ta Nita ko Amana ko Airtel Money, wadda kuka ga ta fi sauƙi, kuma ta kasance a hannun ma'aji.

Mataki na huɗu, rana da wuri. Kar ka sa Alhamis, ranar kasuwa ce, rabin mutanenka suna can. Ka kauce wa lokacin komawa makaranta da gab da sallar layya, aljihu a bushe yake. Bayan kaka ya fi, an kai amfani gida, kuma mutane ba su manta wahalar zazzaɓin cizon sauro na ƙarshen damina ba, sun ga cunkoson likitar da idonsu. Bayan la'asar a fara, a gama kafin kiran magariba, don da an kira salla taro ya ƙare ko ka gama ko ba ka gama ba. In majo ya yarda a yi a ƙofar likitar ya fi, ka nuna ɗakin da hannu. Wurin zaman mata ya zama inda lasifika ke kaiwa sosai, su ne masu ɗakin haihuwar, bai kamata a tura su can baya inda ba a ji ba.

Yanzu jawabin kansa. Minti goma zuwa goma sha biyu ya isa. Malam ya buɗe da addu'a, kai kuma ka yi gaisuwa a taƙaice amma bisa tsari, mai unguwa, limamai, majo da ma'aikatansa, 'yan COGES, iyaye maza da mata, matasa. Ka rubuta jerin a takarda saboda mantuwa da mutum ɗaya na iya zama maganar da za a tafi da ita gida maimakon maganar kuɗi. Amma kar gaisuwa ta ci minti biyar. Daga gaisuwa ka faɗa cikin matsalar kai tsaye, kamar haka:

"Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta malamai, iyayena da yayyena da ƙannena, ga ɗakin can mai koren ƙofa, da yawa cikin yaran da ke wasa a nan a cikinsa aka haife su. In wuta ta ɗauke da dare, baiwar Allah da ke karɓar haihuwa da hasken waya take aiki, wata ta riƙe mata. In pampo bai zo ba, sai an tashi wani cikin dare ya nemo ruwa. Ma'aikatan nan suna iya ƙoƙarinsu, mun zauna da su, su suka nuna mana abin da ya fi matsa masu."

Ka lura ban ce wance ta rasu a ɗakin ba, ban kira sunan kowa ba. Wasu na ganin labarin mutuwa shi ke sa mutane kuka su bayar, amma dangin mamaciyar suna zaune a wurin, kuma ma'aikatan za su ji kamar su ake tuhuma, ka rasa su tun ranar farko. Haka nan kar ka zagi gwamnati, kar ka yabi wani ɗan siyasa, a taron akwai kowane ɓangare kuma kuɗin kowa kake nema. In kana son alkaluman haihuwa nawa ake yi a wata, ka karɓa daga rajistar majo da izininsa, kar ka ƙiyasta da ka.

Sai aikin da kuɗinsa. A nan ka ɗaga takardar debi sama kowa ya gan ta:

"Abu biyu za mu yi, ba uku ba. Hasken rana a ɗakin haihuwa, da tankin ruwa a bayansa. Mun karɓo farashi wajen mutum uku, ga takardun, duk mai so ya zo ya karanta ko a karanta masa. Gaba ɗaya miliyan ɗaya da rabi ne, a ciki da jika ɗari da za mu ajiye don gyara. Kafin mu tara ku, 'yan uwanmu 'yan kasuwa sun riga sun kawo jika ɗari uku, tana hannun ma'aji, ga shi nan zaune. Abin da muke roƙon kowane gida jika da rabi ne, kuma ba sai a tashi ɗaya ba, dala ɗari a wata har wata uku. Wanda Allah ya hore wa ya ƙara. Wanda ba shi da shi ba za a rubuta sunansa a ko'ina ba, ya sa mu a addu'a, in yana da ƙarfi ranar aiki ya zo ya kama mana."

Wannan wurin ka kula da yadda kake faɗin kuɗi. A takarda faran ake rubutawa, a baki dala da jika muke ƙirgawa, 500 ita ce dala ɗari, 1,500 jika da rabi. In ka karanta "ɗari biyar" kamar yadda yake a rubuce, tsohuwar da ke zaune can za ta ɗauka dala ɗari biyar kake nufi, wato 2,500, ta ce wannan ba da mu ake ba ta tashi. Ka faɗa da jika da dala, ka maimaita sau biyu, in ma da hali ka ɗaga kuɗin a hannu a gani. Kuma raba shi wata uku ba ƙaramin abu ba ne, mai tallan ƙosai ko ɗan kabu-kabu zai iya fitar da dala ɗari bai ji ba, jika da rabi a tashi ɗaya kuwa sai ya yi tunani.

Daga nan sai maganar amana, kuma a ganina ita ce zuciyar jawabin, nan za ka fi daɗewa. Ka kira ma'aji ya miƙe, mai rubutu ya miƙe, masu bincike su miƙe, a ga fuskokinsu. Ka ce da bakinka: "Ni ba na karɓar ko dala. Wanda ya tare ni a hanya da kuɗi zan mayar da shi wajen ma'aji. Duk wanda ya karɓi kuɗinka bai ba ka resi mai hatimi ba, ba mu muka aiko shi ba. Kowace Juma'a za a manna lissafin abin da ya shigo a ƙofar likita da ƙofar masallaci." Ka faɗi sunayen masu zagayawa layi-layi, biyu-biyu, kuma gidajen da maza ba sa shiga mata ne za su shiga.

In an taɓa tara kuɗi a unguwar aka rasa inda suka shiga, ko na kwalbati ne ko na rijiya, to ka sani kowa da abin yake zaune a ransa. Kar ka yi kamar ba a yi ba, kuma kar ka tono wanda ya yi. Jimla biyu ta isa: "Mun san an taɓa tarawa ba a ga aiki ba, kuma mai shakka yana da gaskiyarsa. Shi ya sa wannan karon muka fito da resi da masu bincike, ku auna mu da su." In ka riga su faɗa, ka cire wa maganar dafi, in ka bari wani matashi ya taso da ita daga baya cikin fushi, taron ya koma shari'a.

Akwai kuma maganar zakka. Wani zai ce zai ba da zakkarsa a ciki. Kar ka yanke hukunci a kan makirfo, zakka tana da mutanen da Alƙur'ani ya ware mata kashi takwas, kuma malamanmu da yawa ba sa ganin a sa ta a gini ko kayan aiki. Ka yi maganar da liman tun kafin taro, a jawabi kuma ka kira abin da sunan sadaka mai gudana, ka bar masa bayanin.

Sai ranaku. Kar ka ce nan ba da daɗewa ba. Ka faɗi ranar rufe karɓa, ranar da za a dawo nan a karanta lissafi, da abin da za a yi in kuɗin bai cika ba. Wannan na ƙarshen shugabanni na tsoron faɗinsa wai kar a karya gwiwa, alhali shi ke kwantar da hankali: "In Allah ya sa ba mu kai ba, da hasken za mu fara tunda shi ya fi gaggawa, tanki ya jira zagaye na biyu. Ba za a karkatar da kuɗin nan zuwa wani aiki ba sai an sake tara ku kun yarda." Ka ƙara da cewa in an gama za a miƙa kayan ga majo da COGES a rubuce, an kuma samu fadar matasan da ta ɗauki nauyin share ƙurar pano, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe shi ya rage ja.

Ka rufe da aiki, ba da dogon wa'azi ba. Kai ne za ka fara, ka ciro naka ka miƙa wa ma'aji a gaban kowa ka karɓi resi mai lamba ɗaya, 'yan biro su biyo baya. Teburin ma'aji ya kasance a shirye tun kafin a fara, da kundin resi da biro da canji, teburi na biyu a ɓangaren mata. Mutum na iya niyya da gaske, in ya ga cunkoso ko aka ce babu canji ya ce sai gobe, goben nan kuwa da wuya ta zo.

Ta yaya za ka gane jawabin na zamewa tun kana tsaye? In ka ga na baya sun fara hira tun ba ka kai ga kuɗi ba, gaisuwa ko bayanin matsala ya yi tsawo, ka tsallaka ka faɗi lambar. In ka faɗi kason gida ka ji guna-guni daga wajen mata, mai yiwuwa ba a gane lissafin ba, ka sake faɗa da dala. In aka buɗe tambaya kowa ya yi shiru, ba lalle yarda ba ce, sau da yawa kunyar manya ce, sai ka ce duk mai tambaya ya samu masu bincike bayan taro. In kuwa aka yi ta tambayar wa zai yi aikin, nawa ne batirin, me ya sa ba a ɗauki wane ba, kar ranka ya ɓaci, masu niyyar bayarwa ne ke irin wannan tambayar. Wanda ya kawo ƙorafin ma'aikata, wai an yi wa matarsa tsawa ko an ce ya sayi magani alhali yaro bai kai shekara biyar ba kuma tun 2006 aka ce kula da irinsu kyauta ne, kar ka hana shi, kar kuma ka bari taron ya koma can. Ka ce an ji, magana ce ta COGES, za a haɗa shi da su da majo a zauna, ka kuma cika.

Wani abin da ke ruɗin komite shi ne haɗa alkawari da kuɗin hannu. A daren taron a rubuta su a shafi daban-daban. In an yi alkawarin jika ɗari bakwai amma jika ɗari da hamsin ce ta shiga akwati, abin da za a manna ranar Juma'a ɗari da hamsin ne haɗe da ɗari ukun farko, alkawari a rubuta shi a ƙasa da sunansa na alkawari. In ka sanar da babbar lambar, mutane za su ɗauka an kusa gamawa su janye hannu, ranar lissafi kuma a tambaye ka ina sauran.

Na nesa ba su ji jawabin ba, kuma kasonsu 250,000 ne a lissafinmu. A daren nan, tun muryarka ba ta huce ba, ka yi vokal ɗin da bai wuce minti biyu ba: aikin, jimlar kuɗin, abin da ya shigo yau, lambar ma'aji, ranar rufewa. Ka haɗa da hoton debi da hoton teburin karɓa, amma ban da hoton marasa lahiya ko na cikin ɗakin haihuwa da mutane a ciki. A kowane gari ku samu mutum ɗaya da zai tattara na 'yan unguwar da ke can ya turo a dunƙule da jerin sunaye, ya fi sauƙin bi kuma kuɗin turawa ya ragu. Duk wanda ya turo, ma'aji ya rubuta masa resi ya ɗauki hotonsa ya mayar masa a ranar, masu zagayawa kuma su fara shiga gidaje washegari da safe tun maganar na bakin mutane.